Awo ya ce 176 bisa 104, shi kuma Kawu ya ce lafiyarsa ƙalau

Malam Sabo: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Kawuna ne, shekararsa 54, yana noman shinkafa a wajen Auyo. Ranar kasuwa aka zo ana awon jini kyauta, aka samu nasa 176 bisa 104. Bayan kwana uku aka sake aunawa a asibitin garinmu, aka samu 170 bisa 102, aka ba shi amlodifin mai miligiram 5. Ya sha sati uku ya ajiye. Hujjarsa ita ce kafin maganin ba ya ciwon kai, ba ya jiri, buhu ma shi yake ɗagawa da kansa, amma da ya fara sha sai ya riƙa jin kasala. Ya ce na'urar ce ba ta da lafiya, ba shi ba. Ni kuma na rasa amsar da zan ba shi. Ta yaya mutum zai zama da ciwo kuma jikinsa bai gaya masa ba?

Isa mai kemis: Wa alaikumus salam Malam. Anya ba ɓoye muku yake ba? Mai hawan jini ai ba ya ɓuya. Ciwon ƙeya da asuba, hajijiya, rashin barci, wani har haɓo. In da gaske babu ko ɗaya, wataƙila firgitar ganin ma'aikata ce ta tayar da jinin.

Likita Nura: Malam Isa, maganar firgita tana da tushe, akwai waɗanda jininsu ke hawa a gaban ma'aikacin lafiya kawai. Amma awo biyu a ranaku daban, duka 170 bisa 100 zuwa sama, ba za a jingina shi ga firgita a tafi ba. Maganar alamu kuwa ita ce kuskuren da ya fi yi mana ɓarna. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manyan da ke da shi ba su ma san suna da shi ba.

Dalilin yana cikin yadda aka gina jiki. Fata tana jin zafi da tsini, ciki yana jin murɗa, amma bangon jijiyar jini ba ya aika wa mutum saƙon ciwo don kawai matsi ya ƙaru a cikinsa. Akwai dai wasu 'yan masu gadi a jijiyar wuya ta kowane gefe da kuma babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Aikinsu su ji in matsi ya canja farat ɗaya, kamar lokacin da mutum ya miƙe daga kwance, su gyara cikin daƙiƙu. To in matsin ya hau ya zauna, cikin 'yan kwanaki sai su saba, su ɗauki sabon matsayin a matsayin daidai. Jinin Kawu ba jiya ya kai 170 ba. Daga 130 ya taso, ya yi shekaru a 145, ya wuce 160, kowane mataki jikin yana sabawa. Babu ranar da aka samu tsallen da zai ji.

Isa mai kemis: To Likita, masu zuwa da ciwon kai a auna a ga jinin ya hau fa? Kullum ana ganinsu.

Likita Nura: Sau da yawa abin a juye yake. Ciwon kan daga zazzaɓi ne ko rana ko rashin barci, shi kuma ciwo kowane iri yana ɗan tayar da jini. Ko kuma dama jinin a sama yake tun bara, ciwon kan ne kawai ya kawo shi inda ake awo. Ya sha magani, ciwon kan ya tafi don kansa, sai ya ce jinin ya sauka, ya ajiye maganin. Ciwon kan da hawan jini ke kawowa da gaske yana zuwa ne in ya yi tsanani ƙwarai, wajen 180 bisa 120 zuwa sama, kuma yakan zo da dishin gani ko amai ko ruɗewa. Wannan kuma ba gargaɗin farko ba ne, gobara ce ta riga ta kama.

Hajiya Talatu, nas mai ritaya: Malam Sabo, tunda manomi ne, ka yi masa magana da abin da ya sani. Injin ban-ruwa da tiyo. In ka matse bakin tiyo, ruwa zai ci gaba da fita, shuka za ta sha, mai gona ba zai ga komai ba. Wanda ke shan wahala shi ne injin, da kuma jikin tiyon. Zuciya tana bugawa kusan sau dubu ɗari a kwana ɗaya. Kowane bugu, tasa tana turawa a kan 170 maimakon 120. Tsoka ce, in aka ɗora mata nauyi kullum sai ta yi kauri kamar damtsen maƙeri. Bangon ɗakin hagu, wanda kaurinsa bai kamata ya wuce wajen santimita ɗaya ba, sai ya ƙaru.

Mutum zai ce ai ƙarfi ne ya ƙaru. A'a. Bangon da ya yi kauri yana sandarewa, ba ya sakewa ya cika da jini yadda ya kamata tsakanin bugu da bugu. Kuma yana bukatar abinci fiye da da, alhali jijiyoyin da ke ciyar da shi su ma matsin yana ƙuntata su. Shekaru ana haka mutum yana noma abinsa. Ranar da ta fara gazawa, alamar farko haki ne a aikin da da ba ya sa shi haki. Sai ya fara ƙara matashi da dare don ba ya iya kwanciya a miƙe, ko ya farka tsakar dare numfashi na neman ɗaukewa, ga tari. Sai ƙafafu su kumbura, ka danna yatsa ya bar rami. A ƙauye sai a ce asma ce ko sanyi, a yi ta shan maganin tari.

Malam Sabo: Hajiya, misalin injin nan zai shige shi. Amma kasalar da ya ce maganin ya sa masa fa? Wannan ita ce babbar hujjarsa.

Likita Nura: Ba ƙarya yake ba, kuma kada ka ƙaryata shi, in ka yi haka ka rasa shi. Ƙwaƙwalwa tana da dabarar tsare yawan jinin da ke shigar mata. In matsi ya yi yawa, ƙananan jijiyoyinta sai su tsuke don kare ta, kuma wannan ma yana cikin dalilan da ba a jin komai. Wanda ya yi shekaru a 170, jijiyoyin nan sun yi kauri, sun daidaita kansu a can sama. In magani ya sauko da shi 145, jikin yana ɗaukar haka kamar jini ya yi ƙasa, sai kasala da ɗan jiri in ya miƙe. Yawanci cikin 'yan makonni yake wucewa. Shi amlodifin ma kansa yana iya sa ciwon kai da jin ɗumi a fuska a kwanakin farko, wasu kuma idon sawunsu ya kumbura. Ya kamata a ce an gaya masa haka tun ranar da aka miƙa masa maganin. A sati na uku da ya ajiye, ya kusa haye wurin da ya fi wuya.

Isa mai kemis: Ni a ganina in jini ya kai 176, gara a ba shi mai saurin aiki, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, ya sauka nan take hankali ya kwanta.

Hajiya Talatu: Kai Isa, don Allah a bar wannan. An daina shi tuntuni, kuma bayanin Likita na sama shi ne dalili. Ƙwaƙwalwar da ta saba da 176, ka faɗo da ita 110 cikin rabin awa, jini ba zai isa wasu sassanta ba. Da hannunka za ka jawo shanyewar da kake gudu. Wanda jininsa ya hau amma ba ciwon ƙirji, ba haki, ba ruɗewa, ba raunin gefe, ba matsalar gani, a cikin makonni ake saukar da shi.

Auwalu na ɗakin gwaji: Ni tambaya zan yi wa Malam Sabo kafin in ce komai. Sau nawa Kawu yake tashi fitsari da dare? Fitsarin yana kumfa, irin wadda ke daɗewa ba ta kwanta ba? Kuma in ya dawo daga fadama yana shan maganin ciwon jiki?

Malam Sabo: Na kira matarsa yanzu. Ta ce sau biyu zuwa uku yake fita da dare, da kuma ba haka yake ba. Kumfa ba ta sani ba. Maganin gajiya kuwa kusan kullum, haɗin da ake ƙullawa a leda, musamman lokacin dashe da yanka.

Auwalu na ɗakin gwaji: To a nan hankalina ya fi tsayawa. Ƙoda ta fi zuciya iya shiru. Kowace ɗaya tana da matatai ƙanana kusan miliyan ɗaya, kowanne ɗan dunƙulen jijiyoyi ne sirara da ido ba ya gani. Su biyun suna tace ruwa wajen lita 180 a kwana, su mayar da kusan duka cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ka ɗauki rariyar tankaɗe ka riƙa danna gari da ƙarfi kullum. Wasu ramukan za su yage, abin da bai kamata ya wuce ba ya fara wucewa. Wannan shi ne furotin a fitsari, shi ke kawo kumfa in ya yi yawa. Wasu matatan kuma su mutu su zama tabo, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Ragowar sai su ɗauki aikin waɗanda suka mutu, wanda ke sa su ma su gaji da wuri.

Saboda wannan rufa-asirin da ragowar ke yi, mutum zai iya rasa kusan rabin aikin ƙodarsa kafin gwajin jini na kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya fita daga iyaka sosai. Alamun da mutum zai ji da kansa, kumburin fuska da safe, tashin zuciya, ƙaiƙayi, ƙarancin jini, waɗannan sai aiki ya ragu ƙwarai suke zuwa, wani lokaci sai ana dab da maganar wankin ƙoda, wanda ake so a yi sau uku a sati, kowanne wajen awa huɗu. Ku lissafa wa manomi kuɗin mota kaɗai.

Tashi fitsarin dare yana iya zama alamar ƙoda ta fara kasa tattara fitsari. Amma a shekara 54 yana iya zama ciwon suga ko kumburin mafitsara irin na maza, don haka ba za a yanke hukunci da shi ba. A yi masa gwajin fitsari na tsinke, minti biyu ne, da kiriyatinin da suga.

Likita Nura: In ƙara a kan na Auwalu. Ƙoda ba wadda aka zalunta kawai ba ce, ita ma tana ramawa. In jijiyoyinta suka ƙuntata, sai ta ɗauka jini ne ya yi kaɗan a jiki, ta saki wani sinadari da ke tsuke jijiyoyi, ta kuma riƙe gishiri da ruwa. Jini ya ƙara hawa, ya ƙara lalata ta. Haɗin ledar nan kuma kusan ba ya rasa dikulofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wani ma har da irin ƙwayoyin da ke sa kumburin fuska da ƙiba. Duka suna tayar da jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, kuma na farkon suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Mutumin da ya wuni a rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba, ya dawo ya haɗiye su, ya haɗa wa ƙodarsa zafi biyu. Farasitamol ya fi masa sauƙi.

Baba Ɗanjuma: Ni dai abin da na gani, a yankin Haɗeja ciwon ƙoda ya yi yawa, har da samari waɗanda ba su da hawan jini. Mutane na cewa ruwa ne ko maganin feshi. Kada a ɗora wa hawan jini komai.

Likita Nura: Gaskiya ne Baba, kukan ciwon ƙoda a kwarin Haɗeja har zuwa Gashuwa sananne ne, kuma ba duka hawan jini ya bayyana shi ba. Ana zargin abubuwa da dama, ba a tsayar da ɗaya ba. Akwai ma waɗanda ƙodar ce ta fara lalacewa, hawan jinin ya biyo baya, musamman in ka ga matashi ɗan shekara 25 da jini 180. A kan Kawu ma ba zan rantse wanne ya riga wanne ba. Amma ko ta ina aka faro, sauke jinin yana rage gudun lalacewar. Shi ne abin da ke hannunmu.

Maman Hafsa: Salamu alaikum, na shigo a makare. An ce wa surukata tana da hawan jinin ido, ana ɗiga mata magani. Shi ne wannan da kuke magana? In ta sha amlodifin ɗin zai sauka?

Hajiya Talatu: A'a 'yata, suna ne ya zo ɗaya. Abin da ake kira hawan jinin ido matsin ruwan cikin ƙwayar ido ne, ba jini ba. Ta ci gaba da ɗigonta, kada ta fasa ko kwana ɗaya, amlodifin ba zai yi masa komai ba. Shi hawan jini na jiki inda yake taɓawa shi ne tantanin bayan ido, wanda ke ɗaukar hoto. Nan ne kaɗai wurin da likita zai haska fitila ya ga jijiyoyin jini da idonsa ba tare da ya yanka ba. Zai ga sun sirance, zai ga inda mai tauri ta danne mai laushi a mahaɗa, in abin ya yi nisa ya ga ɗigon jini da fararen tabo kamar auduga. Mutum ba ya lura saboda ɗayan idon yana cike giɓin. Sai ranar da wata jijiya ta toshe, ya tashi da safe ido ɗaya ya yi duhu, ba ciwo ba ja. Abin da aka gani a idon kuma, irinsa ne ke faruwa a ƙoda da ƙwaƙwalwa, don ƙananan jijiyoyin iri ɗaya ne.

Malam Sabo: Na dawo, bayan kwana biyar. Na lallaɓa shi da misalin injin Hajiya, ya yarda muka je babban asibiti. Jini 172 bisa 100. Suga lafiya. Fitsari an rubuta furotin da alamar tarawa ɗaya. Kiriyatinin 128. Shi yana murna wai kaɗan ya wuce iyakar da ke jikin takardar. An ba shi amlodifin 5 da losatan 50.

Auwalu na ɗakin gwaji: Wannan "kaɗan" ɗin shi ne yaudarar da na faɗa. Ba a karanta kiriyatinin shi kaɗai, ana haɗa shi da shekaru da jinsi a lissafa ƙarfin tacewa. Namiji ɗan 54 mai 128, lissafin yana ba da wajen 57. Na matashi mai lafiya yana sama da 90, kuma ƙasa da 60 in ya daɗe wata uku ana kiransa ciwon ƙoda mai ɗorewa. Sai dai gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. In ranar yana da ƙarancin ruwa, ko haɗin ledar yana jikinsa, lambar za ta iya fin gaskiya muni. Haka furotin ɗin, zazzaɓi ko aikin ƙarfi ko ciwon mafitsara na iya kawo shi. A daina haɗin, a sake duka biyun bayan wata uku, fitsarin farko na safe. In an sake samu, to ta tabbata.

Likita Nura: Haɗin da aka ba shi daidai ne. A tsarin da ake bi a ƙananan asibitoci ana farawa da amlodifin 5, in bai isa ba bayan wata a ƙara losatan 50, sannan a ninka su zuwa 10 da 100, sannan a ƙara mai sa fitsari. Wanda ke sama da 160 bisa 100 da wuya ƙwaya ɗaya ta ishe shi. Losatan kuma yana da ƙarin amfani gare shi, yana sassauta matsi a cikin matatan ƙodar, furotin ya ragu.

Abin da za ku kiyaye: bayan sati ɗaya zuwa biyu da farawa a sake kiriyatinin da sinadarin fotasiyam. Kiriyatinin na iya ɗan hawa, ba abin tsoro ba ne in bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba, in ya wuce likita ya duba. In ya kamu da gudawa ko amai mai yawa, ya je asibiti a ranar ya faɗi cewa yana shan losatan, don ana dakatar da shi har ruwan jiki ya dawo. Kuma kada ya ɗiba ya ba matarsa don ita ma an ce jininta ya hau. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan losatan ko lisinofiril, suna cutar da jariri. Inda ake so ya kai shi ne ƙasa da 140 bisa 90 tukuna, in ƙodar ta tabbata a matsa zuwa wajen 130 bisa 80.

Isa mai kemis: Na karɓi gyara kan na ƙarƙashin harshe. Amma zoɓo da tafarnuwa fa? Da yawa sun ce suna saukar musu.

Likita Nura: Zoɓo marar suga an gwada, yana ɗan saukarwa. Ga mai 172 ba zai kai shi ko kusa ba, kuma ba wanda zai gaya maka ƙarfin kofin yau ɗaya ne da na gobe.

Hajiya Talatu: Ni ban hana zoɓo ba, amma a tukunya aikin yake. Gishirin da ake so babba ya ci a kwana bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk abincin wuni a haɗe. Matan gida sukan ce sun daina sa gishiri, alhali sun jefa dunƙule huɗu a miya, shi kuma kusan rabinsa gishiri ne. Ga kanwa a ɗanwake da miyar kuɓewa da kunu, ita ma 'yar gidan gishiri ce a wajen jini. Ga yajin tsire. A rage a hankali, a ƙara daddawa da citta da albasa, cikin 'yan makonni harshe yake sabawa. Kuma tukunya ɗaya za a gyara, in aka ware masa tasa zai ji an mayar da shi majinyaci ya yi tawaye.

Baba Ɗanjuma: Ba ku yi maganar shanyewar ɓarin jiki ba. A nan in mutum ya faɗi a banɗaki da asuba cewa ake iska ce ta buge shi.

Likita Nura: Ita ce ta fi yawa a abin da hawan jini ke yi mana, Baba. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyi sirara da suke fitowa kai tsaye daga manya, don haka matsin yana dukansu ba sassauci. Hanya biyu suke bi. Ko bangon ya yi kauri har ramin ya toshe, ɗan wuri ya mutu. Irin waɗannan ƙanana sukan faru mutum bai sani ba, su taru, sai a ga dattijo ya fara mantuwa, tafiyarsa ta zama ja da ƙafa, a ce tsufa ne. Ko kuma bangon ya yi rauni ya fashe, jini ya zuba a ciki. Asuba kuwa lokaci ne da jini ke tashi a jikin kowa, ga yunƙurin bayan gida, shi ya sa banɗaki ya yi suna.

In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, a lura da lokacin da abin ya fara, a nufi asibitin da ke da hoton ƙwaƙwalwa. A kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, haɗiya takan lalace, sai ya tafi huhu. A yi masa addu'a a hanya. Kada a ba shi asfirin a gida, don da ido ba a bambance toshewa da fashewa, in fashewa ce an ƙara masa. Kuma in alamun suka zo suka tafi cikin minti goma, ba warkewa ba ce, kwanakin da ke biye su ne mafi haɗari, a je ranar.

Ga abin da za ka gaya wa Kawu, Malam Sabo: kowane maki 10 da aka sauke daga lambar sama yana rage haɗarin shanyewa da gazawar zuciya da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Shi yana da maki talatin da ɗoriya da zai sauke.

Malam Sabo: Allah ya saka. Zan sayi na'urar awo in ajiye masa. Akwai ƙa'ida?

Hajiya Talatu: Ka sayi ta damtse, ban da ta wuyan hannu. Ka duba girman ɗamarar, in ta yi wa damtsensa kaɗan za ta ba da lamba sama da gaskiya. Ya yi fitsari tukuna, kada ya ci goro ko ya sha shayi ko taba rabin awa kafin nan. Ya zauna a kujera minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ɗamarar ba a kan hannun riga ba, kuma ba hira. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe kafin magani da kuma yamma, kwana bakwai, a rubuta a littafi a kai wa likita. Na gida iyakarsa 135 bisa 85. Ranar da ya ga 128 bisa 80 zai ce ya warke, ka riga shi gaya masa maganin ne ke riƙe da lambar.

Isa mai kemis: To in azumi ya zo, ga zafi ga aikin rani, da sahur zai sha losatan ɗin ko da buɗa-baki?

Likita Nura: Sau ɗaya ake shan su a kwana, don haka lokaci ba shi ne matsalar ba, da yawa ana mayar musu bayan buɗa-baki. Wuni ba ruwa a fadama da ƙodar da ke kan 57 shi ne abin dubawa, kuma ba zan yanke shi a nan ba. A ga sakamakon wata ukun tukuna, ya zauna da likitan da ke ganinsa.

Malam Sabo: To. Gwajin sati biyun ya faɗo ranar kasuwa, sai na san yadda zan raba shi da ita.